Simful da furakshonal distileshan: me ya sa tafasa ɗaya ba ta raba metanol da etanol

Yaran da nake yi wa lesin na kemistiri a Agege kusan dukansu da fahimta iri ɗaya suke zuwa, wai idan ka haɗa ruwa biyu ka ɗora a wuta, wanda ya fi saurin tafasa shi zai fara tashi ya fice gaba ɗaya, ɗayan kuma ya zauna yana jiran layinsa. Da haka abin yake da babu wanda zai ɓata kuɗinsa wajen sayen kolom, wato bututun da ake kafawa a kan filas a furakshonal distileshan, kuma da matatar Dangote da ke Lekki ba ta buƙaci waɗancan dogayen hasumiyoyin ba. Gaskiyar magana ita ce ruwan biyu tare suke tashi tun daga ɗigon farko har na ƙarshe, kawai dai ɗaya ya ɗan fi ɗaya yawa a cikin tururin, kuma duk bambancin simful distileshan da furakshonal distileshan a kan wannan "ɗan fi" ɗin yake.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Metanol yana tafasa a digiri 64.7, etanol kuma a 78.4, tazarar ba ta ma kai digiri 14 ba. Mu da muke Legas mun yi sa'a, muna bakin teku ne, don haka lambobin littafi su ne za ka gani a tamomita, amma wanda yake Jos ruwa ma kusan a 96 zai tafasa masa, to kar ya ɗauka tamomitarsa ce ta lalace. A ce ka auna metanol giram 32, wato kusan mil 40, da etanol giram 46, kusan mil 58, ka juye su a filas mai cin mil 250. Na zaɓi waɗannan lambobin ne saboda kowanne mol ɗaya ne cif, ma'ana in ƙwayoyin za ka ƙirga to raba daidai suke, hamsin hamsin. Duk kason da zan ambata daga nan a ƙirgar ƙwayoyi ne, ba a nauyi ko mil ba.

Abu na farko da zai ba ka mamaki, wannan haɗin ba zai tafasa a 64.7 ba. Za ka ga tamomita ta wuce 65 babu abin da ya faru, sai wajen 71 zai fara. Dalili kuwa, ruwa yana tafasa ne lokacin da ƙarfin turin tururinsa ya kai nauyin iskar da ke danne shi, wanda a nan bakin teku kusan 101 kPa ne, kPa kuwa ma'aunin ƙarfin turi ne. A digiri 70 metanol zalla yana turi da kusan 125 kPa, etanol zalla kuma kusan 72, amma a cikin haɗin kowanne rabin wurin ya samu, don haka rabin ƙarfinsa kawai yake bayarwa, wannan ita ce dokar Raoult. Rabin 125 da rabin 72 in ka haɗa za ka samu 98 da ɗoriya, saura ƙiris ya kai 101, shi ya sa da an ƙara digiri ɗaya sai tafasa.

Yanzu duba waɗannan lambobin biyu da kyau, 125 da 72. In ka raba su za ka samu kusan 1.7, kuma wannan 1.7 ɗin ita ce komai a maganar nan. Ma'anarta duk ƙwayar etanol 10 da suka tashi, na metanol 17 ne suka tashi tare da su. A littafi da harafin α ake rubuta ta, ga yadda lissafin yake, x kason metanol a ruwan filas, y kasonsa a tururi:

```
y/(1-y) = α × x/(1-x)
```

Da x rabi ne, to y zai fito 0.63. Wato ɗigon farko da zai sauko daga kwandensa, bututun nan da ke sanyaya tururi ya koma ruwa, wanda shi ne mafi kyau da simful zai taɓa ba ka a wannan aikin, metanol kashi 63 ne, etanol 37. Ka fara da 50 ka samu 63, shikenan abin da tafasa ɗaya za ta iya.

Kuma abin haushin shi ne daga ɗigon farko abin baya yake yi. Tunda metanol ya fi fita, abin da ya rage a filas metanol ɗinsa raguwa yake, to tururin da zai biyo baya shi ma ya fi na farko rauni. Idan ka yi haƙuri har rabin kayan ya sauko, abin da ka tara zai zama metanol kashi 59, na cikin filas kuma har yanzu akwai metanol kashi 41 a ciki. Ka ƙona wuta, ka zubar da ruwan sanyaya, ka tashi da kwalba biyu kowacce gauraye. Wani zai ce to ai sai in ci gaba da tafasawa har metanol ɗin ya ƙare, in ya so in tsira da etanol mai kyau a ƙasa. Na buga lissafin, kafin abin da ke filas ya kai etanol kashi 90, bai fi mil 3 zai rage maka ba daga kusan mil 100 da ka fara da shi, sauran duk ya bi metanol ya tafi. Ga shi kuma ba a barin filas ya ƙafe a kan wuta, gilashin yana iya tsagewa.

Tamomita da kanta tana tona asirin simful a irin wannan aikin. Ba za ta tsaya wuri ɗaya ba, daga 71 za ta riƙa rarrafawa, 72, 73, 75, a hankali har ta doshi 78, babu inda za ka ce nan metanol ya ƙare nan etanol ya fara. Duk lokacin da ka ga zafi yana hawa sululu haka ba tsayawa, abin da ke saukowa gauraye ne ko da kuwa a ido fes yake kamar ruwan leda.

To mene ne mafita? Ka ɗauki wancan ɗigon mai kashi 63 ka sake tafasa shi. Tururinsa zai sake ninkawa da 1.7, ya koma kashi 74. Ka sake, 83. Ka sake, 89, sai 93, sai 96, kuma ka lura yadda tafiyar take raguwa, daga 50 zuwa 89 tafasa huɗu ce kawai, amma daga 96 zuwa 99 sai ka ƙara uku. Jimla sai an yi sau tara kafin a ga kashi 99. Kamar regayar shinkafa 'yar gida ce, juyi ɗaya ba ya fitar da tsakuwa duka, kowane juyi ragewa yake, kuma 'yan ƙananan na ƙarshe su suka fi cin rai. Ga gajeriyar hanyar lissafin ga mai kalkuleta:

```
N = ln(99) / ln(1.7) ≈ 8.7
```

Babu mai hankalin da zai zauna ya harhaɗa kayan simful sau tara, kowane zagaye yana ɗiban ɗigon farko kawai yana ajiye sauran, kafin ya kai na biyar ma babu abin da zai rage masa. Kolom ɗin furakshonal wannan aikin yake yi, amma a tsaye, a cikin bututu ɗaya, lokaci ɗaya. Bututun gilashi ne da ake kafawa tsakanin filas da kan da tamomita take, cikinsa ko dai an cika shi da 'yan duwatsun gilashi ko zobba ko sosan ƙarfe, ko kuma irin na Vigreux mai haƙora haƙora da suka lotso ciki. Ƙasansa ya fi zafi, samansa ya fi sanyi. Tururi ya taso daga filas, ya taɓa gilashin da ya ɗan fi shi sanyi, wani sashe ya koma ruwa, kuma wanda ya fi saurin komawa ruwa shi ne etanol. Wannan ruwan yana gangarowa sai ya yi karo da sabon tururi mai zafi da ke hawowa, zafin ya sake tayar da metanol ɗin da ke cikinsa, shi kuma tururin ya sauke nasa etanol ɗin a wurin. Haka ake ta musaya tun daga ƙasa har sama, metanol yana hawa etanol yana komawa filas. Duk tsawon kolom da ya yi aikin tafasa ɗaya cikakkiya shi ake ƙirgawa mataki ɗaya, tiyoretikal filet kenan da ake tambaya a jarrabawa.

A nan ne mutane suke ruɗin kansu, suna ganin da zarar an ɗora kolom to an gama. Vigreux mai tsawon santimita 30 irin wanda ake samu a yawancin lab na makaranta, mataki uku ko makamancin haka yake bayarwa, ka haɗa da filas ɗin kansa wanda shi ma mataki ɗaya ne, huɗu kenan. Mataki huɗu a lissafinmu kashi 89 ne, ba 99 ba. Kuma wannan a farkon aiki ne lokacin da filas ke hamsin hamsin. Idan tafiya ta yi nisa metanol na filas ya sauko kashi 20, mataki huɗun nan kashi 68 kawai za su iya ba ka, alhali kolom mai mataki tara a daidai wannan lokacin yana ba da wajen 97. Don haka mai son raba metanol da etanol da gaske, ba Vigreux ɗin makaranta zai nema ba, sai kolom mai ciko sosai kuma dogo, don ciko yana ba da mataki fiye da haƙoran Vigreux a tsawo iri ɗaya. Amma shi ma da nasa harajin, duk cikon nan jiƙewa yake, mil da yawa suna maƙalewa a jikinsa ba za su taɓa saukowa ba, in kayan naka mil 10 ne gaba ɗaya to kolom zai iya shanye rabi.

Yanzu ga inda nake ganin ya fi muhimmanci, kuma shi ne littafin makaranta yake wucewa da gudu. Kolom ba ya aiki sai ruwa yana komawa ƙasa ta cikinsa. Wannan komawar ita ake kira rifulos, kuma in babu ita kolom ɗinka bututu ne kawai mai tsada. Idan ka buɗe wa hita wuta sosai saboda kana sauri ka kama motar Oshodi kafin goslo, tururi zai bi ta kolom a guje ya ɗumama shi gaba ɗaya daga ƙasa har sama zafi ɗaya, babu abin da zai koma ruwa a hanya, sai ka ga kana ta samun ɗigo shar shar kana murna alhali simful kake yi da kayan furakshonal. Yadda ake yi shi ne ka ɗaga wutar a hankali har ya fara tafasa, sannan ka zuba ido a kolom, za ka ga wani zobe na danshi yana hawa a jikin gilashin, wannan shi ne goshin tururin. So ake ya hau a natse, ya ɗauki mintuna kafin ya kai sama, in ya tsaya cak ka ƙara wuta kaɗan, in yana gudu ka rage. Da ya kai tamomita za ka ga ta yi tsalle ta tsaya wajen 65 ko sama kaɗan, daga nan ka saita wutar yadda ɗigo ɗaya zai riƙa faɗowa duk sakan biyu zuwa uku. Ɗigo 20 ne kusan mil ɗaya, ka ga kenan mil 40 na metanol zai ci maka rabin awa ko fiye, kuma a wannan lokacin ruwan da ke komawa filas ya kamata ya ninka wanda kake tara sau da yawa. Lissafin mataki tara ɗin can ma na lokacin da ba ka ɗiban komai ne, komai yana komawa ƙasa, da ka fara ɗiba tsabtar takan ɗan sauka, in ka ƙara sauri ta ƙara sauka.

Akwai alamar da ba ta ɓuya idan wuta ta yi yawa, kolom ya shaƙe. Za ka ga ruwa ya taru a tsakiyarsa yana ɓulɓula yana tsalle, tururin da ke hawowa ya hana shi sauka, wani lokaci ma ya watso shi sama ya faɗa kwandensa ya ɓata maka abin da ka tara. In ka ga haka ka janye wutar, ka bari ruwan ya tsiyaye ya koma filas, ka sake tasowa a hankali. Kishiyar wannan kuma ita ce kolom ya yi sanyi da yawa, kuma a Legas fanka ce ke jawo ta, zafi ya dame ka ka kunna ta sama ko ka juyo ta tsaye tana hura kolom, sai tururi ya kasa kaiwa sama, tamomita ta riƙa hawa da sauka ba dalili, kai kuma ka ƙara wuta, ƙasa ya shaƙe sama babu komai. Ka naɗe kolom da auduga ka rufe da foyil, ka bar ɗan tagar leƙe, ka kawar da fankar amma ka bar windo a buɗe don tururin metanol ba abin shaƙa ba ne. In kuma aka ɗauke nefa ana tsakiyar aiki, duk jerin zafin da kolom ya gina ya rushe, da wuta ta dawo kar ka ci gaba da tarawa a kwalbar da, ka jira tamomita ta koma inda take ta tsaya tukuna. Kuma tunda ruwan ya huce, 'yan duwatsun hana tsalle da ka saka tun farko ƙila sun daina aiki, ka bari ya ƙara hucewa ka saka sababbi, ba a jefa su cikin ruwa mai zafi, yana iya yin amai gaba ɗaya.

Sauran ƙananan abubuwa a gurguje. Kan tamomita ya zauna daidai ƙasan bakin da tururi ke karkata zuwa kwandensa, in ya yi sama za ta karanta ƙasa da gaskiya, in ya nutse ƙasa ta karanta sama. Ruwan kwandensa ta ƙasa yake shiga ya fita ta sama, kuma ruwan tankin rufi da rana ta gasa da azahar ɗumi gare shi, gara bokiti da ƙanƙara da ɗan famfo. Kar a toshe ƙarshen kayan gam. Banda buɗaɗɗiyar wuta, don harshen wutar metanol da rana kusan ba a ganinsa.

In komai ya tafi daidai kuma kolom ɗin mai kyau ne, tamomita za ta zauna kusa da 65 ta daɗe, wannan kwalba ta ɗaya. Sai ka ga ɗigo ya ragu, wani lokaci tamomita ma ta ɗan faɗi saboda metanol ya kusa ƙarewa kuma wutar ba ta isa ta kai etanol sama ba, a nan ka canza kwalba ka ƙara wuta. Za ta hau da sauri daga sittin da wani abu zuwa 78, abin da ya sauko a wannan hawan gauraye ne, kwalba ta biyu, ka ajiye shi ka haɗa da aiki na gaba. Da ta zauna a 78 sai kwalba ta uku. Girman kwalbar tsakiyan nan shi ne sakamakon jarrabawar kolom ɗinka, in 'yar kaɗan ce kolom ya yi aiki, in ita ta fi kowa cika to ko kolom ya yi gajere ko kai ka yi gaggawa.

Amma kar ka rantse da tamomita. Tsakanin metanol kashi 95 da kashi 99 bambancin zafin bai wuce digiri ɗaya ba, tamomitar da ake sayowa a kasuwa kuwa kuskurenta ma ya kai haka. Awon nauyi shi ma ba zai taimaka ba, mil ɗaya na metanol giram 0.792 ne, na etanol 0.789, kusan abu ɗaya. Abin da ke raba su cikin sauƙi shi ne rifiraktomita, na'urar da ke auna yadda ruwa ke lanƙwasa haske, metanol yana ba da 1.329, etanol 1.361, ko kuma a kai samfur inda suke da na'urar GC, wadda ke tantance abin da ke cikin gauraye. Shi ya sa nake gaya wa 'yan uwa masu sayen kemikal a Ojota suna haɗa turare ko sanitaiza, in aka sayar maka da etanol da ake zargin akwai metanol a ciki, kar wani ya ce maka zai tafasa ya cire, kwalba ta ukun can ma ba a yarda da ita ta taɓa jikin mutum ba sai an gwada, metanol kaɗan yana makantarwa, yana kisa.

Littattafai da yawa suna cewa in tazarar tafasa ta wuce digiri 25 simful ya wadatar. A jarrabawa ka rubuta musu haka, amma a lab ni ban yarda da ita ba. Benzin na lab yana tafasa a 80.1, toluwin a 110.6, tazara ta haura 30, α ɗinsu kusan 2.5, amma ɗigon farko daga hamsin hamsin kashi 71 ne kawai, sai mataki biyar kafin ka ga 99. Inda simful yake da gaskiya shi ne in ɗayan ba ya tashi sam, kamar gishiri a ruwa, ko tazarar ta yi nisa ƙwarai, a nan ɗora kolom ɓata lokaci ne da asarar kaya. Ta ɗaya gefen kuma in α ta matso kusa da 1 abin ya zama na manya, iskar gas ta furofan da ta furofilin tazararsu ba ta kai digiri 6 ba, shi ya sa hasumiyar raba su a matatun mai take da faranti sama da 100.

Akwai kuma inda ko kolom ya kai tsawon gadar Tod Menlan ba zai yi komai ba. Metanol da etanol suna bin dokar Raoult sosai saboda kamanninsu ɗaya, shi ya sa 1.7 ɗinmu ta zauna kusan yadda take daga farko har ƙarshe. Etanol da ruwa ba haka suke ba, tazararsu ta kusa digiri 22, ta fi ta misalinmu, da farko ma rabuwar tana gudu, amma yayin da etanol ke ƙaruwa α ɗin tana ta raguwa, da an kai etanol kashi 95.6 a nauyi sai ta zama 1 daidai. A wannan wurin haɗin yana tafasa a 78.2, ƙasa da etanol zalla kaɗan, kuma tururin da ruwan abu ɗaya ne sak, ninka da 1 ko sau dubu ka yi kana nan inda kake. Wannan shi ne aziyotirof, kuma dalilin da ya sa jarkokin etanol da yawa za ka ga 95 ko 96 a jikinsu kenan. Mai son ya wuce nan sai ya sauke kolom ya nemi abin da zai tsotse ragowar ruwan, ko dai ƙonannen farar ƙasa wato CaO, ko molekula sif mai lamba 3A da ake zubawa a ciki a bari ya kwana sannan a tace.